Yadda ake ɓoye tsalle a editin hira: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da yaran da ke koyon editin a shagonmu na Titin Gidan Zoo suka fi yi mini, wasu kuma daga masu ɗaukar hira da waya suke zuwa. Don kada maganar ta tashi a iska, zan riƙa komawa kan aiki guda: wata hira da muka ɗauka da wani dattijon marini a karofin Ƙofar Mata, da kyamara ɗaya, aka tace ta a firam 25 cikin sakan, wato hotuna 25 ne ke wucewa a kowane sakan.

Malam, mene ne tsallen da kake yawan cewa mu gyara?

Ka ɗauki mutum yana zaune yana magana, kyamara ba ta motsa ba. Sai ka cire sakan goma daga tsakiyar maganarsa, ka haɗa bakin nan da bakin can. Bango yana nan yadda yake, kujera tana nan, amma kan mutumin da yake karkace dama ya koma hagu a ƙiftawar ido, hannun da ke kan gwiwa ya bayyana a haɓa. Wannan shi ne tsalle, wanda editoci ke kira jamkot. Abin da ke sa ido ya kama shi shi ne hotunan biyu sun yi kama ƙwarai, amma ba daidai suke ba. Da bambancin yana da yawa, mai kallo zai karɓe shi a matsayin sabon hoto. Da babu bambanci, ba zai ga komai ba. Ɗan bambancin nan na tsakiya shi ne matsalar.

A hirar Baba marini, amsarsa kan yadda ake haɗa ruwan rini ta kai sakan 52. A ciki ya tsaya ya amsa gaisuwar wani mai wucewa har sakan 14, daga baya kuma ya maimaita magana ɗaya na sakan 7. Da na cire su amsar ta koma sakan 31, da ɗinki biyu a ciki. Duka biyun tsalle suka yi.

Da hoto zan fara ko da sauti?

Da sauti. Ka yanka maganar gaba ɗaya tukuna, ka bar hoton ya yi ta tsallensa, kada ka kula shi. Sannan ka juya wa allo baya ka saurara kamar rediyo kake ji. Idan kunne ya ji ɗinkin, babu hoton da zai rufe shi, ko da kuwa da jirgi maras matuƙi ka ɗauko Dala da Gwauron Dutse.

Abu uku nake saurare. Na farko numfashi: mutum yana jan iska kafin ya fara jimla, idan ka yanke rabin numfashin ko ka bar guda biyu a jere, za a ji. Ka bar ɗaya cikakke. Na biyu saukar murya. Hausa tana sauke murya a ƙarshen zance, tana riƙe ta a sama idan da saura, to in ka yanke mutum a inda muryarsa ke rataye ka manna masa sabon zance, duk Bahaushe zai ji cewa an katse shi, ko bai san editin ba. Na uku ƙarar da ke bayansa. A Ƙofar Mata titi yana kusa, hon ɗin adaidaita sahu ba ya ƙarewa. A ɗinkin farko na hirar Baba, wani hon ya fara kafin wurin yankan, sai ya mutu tsaf a tsakiya. Dole na ja yankan baya da kalma biyu, zuwa inda hon ɗin bai fara ba.

Bayan haka ka sa ɗan narkewar sauti a kan ɗinkin, firam biyu zuwa huɗu. A manhajar editin ta Premiere Pro shi ne Constant Power, ana sa shi da Ctrl+Shift+D, sai dai tsawonsa na asali ya yi yawa ga magana, ka rage shi. Shi ke kashe ɗan "ƙas" ɗin da ake ji idan an yanke sauti a tsakiya.

To shi katawe fa, yaya ake ɗora shi?

Katawe hoto ne na wani abu daban da fuskar mai magana, wanda kake ɗorawa a kai muryarsa tana ci gaba a ƙasa: hannunsa, kayan aikinsa, wurin da yake bayani a kai. Hirar tana layin hoto na farko, V1, katawe yana na samansa, V2, sautin hirar ba a taɓa shi.

Kuskuren da kusan kowane sabon edita yake yi shi ne ya fara katawe daidai kan ɗinkin. Yin haka tamkar nuna wa mutane wurin da yatsa ne, domin hoto ya canza, sauti ya canza, duk a firam ɗaya. Katawe yana shiga kafin ɗinkin, ya fita bayansa. Ɗinkin farko na Baba yana 00:00:14:10, wato sakan 14 da firam 10. Na shigo da hoton hannunsa yana tsoma zane a ramin rini a 00:00:13:10, sakan ɗaya kafin wurin, na fita a 00:00:16:10, sakan biyu bayansa. Sakan uku ke nan, firam 75. Lokacin da sautin ya haɗe, idon mai kallo yana kan zanen da ke nutsewa, hankalinsa ba ya wajen kunne. Lokacin da muka dawo fuskar Baba kuma, sakan uku sun wuce, babu wanda zai ce don me kansa ya karkata wani gefen, ai mutum yana motsi cikin sakan uku.

Wurin dawowa ma a zaɓe shi. Na fi son in dawo a farkon kalma mai ƙarfi, idonsa a buɗe, bakinsa ya fara motsi. Idan ka dawo kan ƙifta ido ko baki a hangame, dattijo mai mutunci zai fito kamar mai gyangyaɗi.

Sakan nawa ya kamata ya yi?

Gwargwadon abin da ke cikinsa. Hoton kusa mai abu ɗaya, kamar hannu a cikin ruwan baba, sakan biyu zuwa uku ya isa. Hoton nesa na filin karofi da ramuka da mutane yana son huɗu ko biyar, saboda ido sai ya zaga. Abin da bai kai sakan ɗaya ba walƙiya ce, ya fi tsallen da kake ɓoyewa muni.

Ɗinki biyu sun zo kusa da juna. In dawo fuska a tsakaninsu?

Idan abin da ke tsakani bai kai sakan biyu ba, kada ka dawo. Fuska ta leƙo ta ɓace ba ta da amfani. Ka rufe su duka da jerin hotuna biyu ko uku masu bin juna: nesa, ga marini a bakin rami, kusa, ga hannu yana ɗago zane, kusa sosai, ga ruwa yana ɗiga. A nan ne ma yanka kan motsi yake shigowa.

Mene ne yanka kan motsi, kuma me ya sa yake aiki?

Shi ne ka canza hoto a tsakiyar wani motsi, motsin ya fara a hoto na farko ya ƙarasa a na biyu. Ido yana bin abin da ke motsi, yana son ya ga inda zai tsaya. Idan ka canza hoto a daidai lokacin, ido ya shagala da bin hannun, sai canjin ya wuce ta bayansa. Idan kuwa ka yanka lokacin da komai ke tsaye, yankan shi kaɗai ne abin da ya motsa a allo, dole a gan shi.

Ga yadda na yi da ɗago zane. A hoton nesa Baba ya sunkuya, ya kama zanen, ya fara ɗagowa. Ɗagowar gaba ɗaya, daga ruwa zuwa ƙirjinsa, ta ɗauki wajen firam 20. Ban yanka kafin ya fara ba, ban kuma jira ya gama ba. Na bar firam 6 ko 7 suka wuce, zanen ya fito daga ruwa kamar taƙi ɗaya, sai na yanka zuwa hoton kusa, inda zanen yake daidai wannan tsayin kuma yana kan tafiya sama. Wato kusan kashi ɗaya cikin uku na motsin a hoton farko, sauran a na biyu.

Akwai wata 'yar dabara a nan. Idan ka daidaita wurin hannun cif-cif a hotunan biyu, sau da yawa in ka kunna sai ka ga kamar motsin ya yi gaba da sauri. Dalili kuwa ido yana buƙatar ɗan lokaci kafin ya gane sabon hoto, kuma a hoton kusa motsi yana cin allo da sauri fiye da a na nesa. Saboda haka nakan mayar da hoto na biyu baya da firam biyu, ya maimaita ɗan abin da aka riga aka gani. A takarda kuskure ne, a ido daidai ne. A Premiere Pro ana yin wannan da Slip Tool, harafin Y, wanda ke zame abin da ke cikin hoton ba tare da ya canza tsawonsa ko wurinsa ba. Kada ka yanke hukunci kana taka firam ɗaya-ɗaya. Ka koma baya sakan uku, ka kunna da gudunsa na gaskiya, ka yi haka sau biyu ko uku.

Wajen masu bugu abin ya fi sauƙi, har nakan fara koya wa yara da shi. Sandar bugu tana tashi tana sauka kan zane da kari, to sai ka yanka tana kan saukowa, ƙarar ta faɗo a hoto na biyu. In ka yi kuskuren firam uku, kunnenka ne zai fara gaya maka, domin karin bugun zai yi tuntuɓe.

Amma mai hira a zaune yake. Ina motsin da zan yanka a kai?

Yana nan, ba ka lura ba ne. Bahaushe ba ya magana da baki kaɗai. Zai ɗaga hannu ya ƙirga da yatsu, zai gyara hula, zai ja hannun babbar riga ya ɗora a kafaɗa, zai juya ya nuna wani wuri da haɓa. Mace za ta gyara mayafi. Duk waɗannan ƙofofi ne.

A ɗinki na biyu na hirar Baba ban sa katawe na waje ba. Kafin wurin yankan ya ce ana zuba toka, sai ya ɗaga hannun dama yana kwatanta zubawa. Na yanka hannun yana kan tashi, zuwa hoton kusa na hannunsa da muka ɗauka bayan an gama hirar yana irin wannan kwatancen, bakinsa ba ya ciki. Tun da ba a ganin baki, sauti yana iya yin duk tsallen da ya ga dama a ƙasa. Sakan biyu, hannun ya sauka, na dawo fuska a sabuwar jimla. Wanda ya kalla zai rantse da kyamara biyu muka ɗauka.

Sharaɗinsa dai hannun ya zama ɗaya, alkiblar ta zama ɗaya, saurin ya yi kusa. Hannun dama da ke tafiya hagun allo ba zai ƙarasa a matsayin hannun hagu mai tafiya dama ba.

Ina da kyamara biyu. Ke nan na huta da katawe?

Ka rage buƙatarsa, ba ka huta ba. Idan kana sauyawa tsakanin kyamarori a lokacin da ba ka cire komai ba, motsi zai dace da kansa tun da lokaci ɗaya suka ɗauka. Amma a wurin da ka cire sakan goma, hannun da ke sama a kyamara ta ɗaya yana iya kasancewa a ƙasa a ta biyu, sai ka nemi wurin da zamansa ya yi kama. Sannan kyamarorin su bambanta sosai: ƙa'idar da aka saba ita ce aƙalla digiri 30 tsakaninsu, girman hoton ma ya bambanta, ɗaya daga ƙugu, ɗaya fuska. Dukansu kuma su tsaya gefe ɗaya na layin da ke tsakanin mai tambaya da mai amsa. In ɗaya ta tsallaka, mutum zai kalli dama a wannan hoton ya kalli hagu a wancan, kamar yana hira da kansa.

Na ji ana cewa a zuƙo hoton kawai a wurin yankan. Yana yi?

Yana yi, in ka ɗauka da girma. Hoton 3840×2160 da aka sa a aikin 1920×1080 yana da ninki biyu a faɗi da tsawo, saboda haka za ka iya cika allo da rabin faɗinsa hoton bai dushe ba. Sai ka samu hoto biyu daga kyamara ɗaya, na nesa da na kusa. Abin lura, zuƙowar ta zama mai yawa. In ka ƙara kashi goma cikin ɗari kawai, tsalle ka sake yi, sai dai yanzu har da bango. Ni nakan ƙara kashi 30 zuwa 50, in kuma daidaita idanun su zauna kusan tsayi ɗaya a hotunan biyu. Idan da 1080 ka ɗauka kuma 1080 za ka fitar, da ka wuce kaɗan fuska za ta fara laushi, ko da yake a allon waya ba a cika ganewa ba.

Morph Cut fa?

Shi na Premiere Pro ne, kuma shi da Smooth Cut na manhajar DaVinci Resolve aikinsu ɗaya: su ƙirƙiro firam na tsakani su narkar da fuskar nan zuwa waccan. Suna yi idan kai bai matsa sosai ba, bango a tsaye yake, hannu ba ya cikin hoto, ka kuma taƙaita shi zuwa 'yan firam. A karofi ban ko gwada ba, ga mutane suna wucewa a baya, ga zannuwa suna kaɗawa a iska. Hula mai aiki ma tana tona masa asiri, sai ka ga zanen ɗinkin yana narkewa kamar man shanu a rana.

Wane katawe ne ba ya yi?

Wanda bai san abin da ake faɗa ba. Baba yana maganar toka da kanwa, kai kuma ka sa ƙofar gari ko shawagin shaho don kawai suna da kyau. Mai kallo zai bar maganar ya tafi tunanin me ya kawo shaho. Hoton ya nuna abin da ake faɗa, ko abin da za a faɗa nan da sakan ɗaya.

Sai wanda ke ƙaryata lokaci. Wannan ya taɓa kama ni a aikin nan. Zanen da aka tsoma a ruwan baba yana fitowa da ɗan kore-kore, iska ce ke mayar da shi shuɗi, kuma kowace tsomawa tana ƙara masa duhu. Na haɗa hoton nesa na tsomawar farko da na kusa wanda aka ɗauka bayan an tsoma sau da yawa. Motsin ya dace sarai, har ina jin daɗi, amma zanen ya tashi daga fari-fari zuwa shuɗi mai duhu a firam ɗaya. Ni ban gani ba, idona yana kan hannu. Wani yaro a shagon, wanda gidansu marina ne, shi ya ce, "Oga, wannan ai ba zanen ɗazu ba ne." Haka inuwa take yi: hirar ƙarfe tara na safe da katawe na azahar ba sa zama tare, balle lokacin hunturu da hazo ke canza hasken gari cikin awa guda. Ka duba safar hannu, agogo, hula, da wanda ke tsaye a baya.

Na uku shi ne na waya da aka ɗauka a firam 30 aka jefa cikin aikin 25. Manhajar za ta zubar da firam ɗaya cikin kowane shida, sai motsi ya riƙa ɗan ɗingishi, kuma a kan motsin kake son yanka. Ka saita wayar a 25 in tana da shi, ko ka rage gudun hoton zuwa kusan kashi 83 cikin ɗari don kowane firam ya samu gurbinsa. Ga hoton hannu da ruwa, wannan ɗan jinkirin ba ya ɓata komai.

Me zan ɗauko a wurin hira don kada in rasa abin rufi?

Da an gama hira kada ka naɗe kaya. Ka roƙi mai hirar minti goma: "Baba, don Allah a ɗan ƙara haƙuri, a sake yin aikin nan mu ɗauka." Kowane aiki ka ɗauke shi sau biyu ko uku, nesa, tsakiya, kusa, daga farkon motsin har ƙarshensa. Wanda ya kunna kyamara bayan hannu ya riga ya tashi ya hana edita wurin yanka. Kowane hoto ya kai sakan goma ba girgiza. Ka ɗauki hannayensa yana magana ba tare da baki ba, a wurin zaman hirar kuma kafin haske ya juya. Sannan kowa ya yi shiru ka naɗi ƙarar wurin na minti ɗaya, ita za ka shimfiɗa a ƙarƙashin ɗinki idan an samu rami a sauti. In janareto yana aiki lokacin hirar, a naɗa yana aiki. In an fara kiran salla, a dakata har a gama, domin ban da girmamawa, kiran salla da ya yanke a tsakiya babu dabarar da ke ɓoye shi.

Sautin katawe kuma kada ka jefar da shi duka. Ɗan ƙarar ruwa a ƙasa-ƙasa, inda ba zai danne murya ba, yana sa hoton ya zauna.

Hoton mai tambaya yana gyaɗa kai, halas ne?

Ana yi, kuma yawanci bayan hirar ake ɗaukarsa. Sau ɗaya ko biyu ba laifi. Amma ka kula da inda ka sa shi, don gyaɗa kai yarda ce. In baƙo yana zargin wani, ka sa ɗan jarida yana gyaɗa kai da murmushi, ka sa shi ya amince da abin da bai amince da shi ba. Hoton sauraro kawai, ba gyaɗawa, ya fi aminci.

Akwai inda bai kamata a ɓoye tsallen ba?

Akwai. Cire gaisuwa, tari, da maimaici gyara ne, mai maganar da kansa zai gode maka. Amma dabarar da ta ɓoye tarin Baba ita ce dai za ta iya ɓoye kalmar "ba", ko ta ɗauko amsar tambaya ta biyar ta manna wa ta biyu. Gwajin da nake yi shi ne: in mai maganar ya zauna kusa da ni ya kalla, zai ce haka na faɗa, haka nake nufi?

A hirar ɗan siyasa, ko malami yana ba da fatawa, ko wanda ke ba da shaida kan wata rigima, na fi son a ga yankan. Nakan bar tsallen a fili, ko in sa ɗan farin haske na firam huɗu zuwa shida, don kowa ya san an cire wani abu a nan. Mun san yadda guntun bidiyo yake yawo a wayoyin garin nan kafin la'asar. In an zo ana cewa an yanke wa malam magana, gara a tarar ba ka ɓoye ba, kuma asalin ɗaukar yana ajiye a faifanka da kwanan watansa.

Yaya zan gane cewa gyaran ya yi?

Ka kalla sau ɗaya ba sauti, ka ga ko akwai inda idonka ya yi tuntuɓe. Ka saurara sau ɗaya ba hoto, da abin kunne, sannan da lasifikar waya tun da a nan yawancin mutane za su ji. Daga nan ka kira wanda bai ga aikin ba, ko mai shayin bakin layi ne, ka kunna masa sakan talatin ɗin, ka tambaye shi sau nawa aka yanke maganar. Da na yi wa namu haka da hirar Baba, cewa ya yi ba a yanke ba, sai kuma ya tambaye ni ko da gaske kanwa ake zubawa a ruwan rini.